Turaren abokin aiki ya yi min ƙarfi a ofis, ya zan gaya masa ba tare da mun ɓata ba? Tambayoyi da amsoshi

Wannan matsala ce da ake yawan tattaunawa a bayan ido, a ƙarƙashin bishiya lokacin tara ko a hanyar komawa gida, amma shi mai turaren ba kasafai ake gaya masa ba. Irin ofisoshinmu na karkarar Kano da Jigawa nake nufi, ɗakin malamai a makarantar ƙauye, ɗakin kati a ƙaramin asibiti, ko ofis guda a sakatariya da aka cusa tebur huɗu ko biyar, taga ɗaya, rufin kwano, wuta kuma sai ranar da aka kawo. A irin wannan ɗaki turaren mutum ɗaya kowa ne ke shaƙarsa tun safe har a tashi. Kuma mutumin nan ba baƙo bane, watakila sahu ɗaya kuke a masallaci, watakila matarka da tasa biki ɗaya suke zuwa.

Wai shi baya jin ƙarfin turaren ne, ko da gangan yake yi?

Mafi yawanci baya ji, kuma wannan shine abu na farko da nake so ka riƙe kafin ka ce masa komai. Hancin mutum sabawa yake da ƙamshin da ke jikinsa, bayan ɗan lokaci kaɗan da shafawa sai ya daina jinsa, kamar yadda mai injin niƙa ke daina jin ƙarar injinsa. To daga nan sai ya ɗauka turaren ya gudu, sai ya ƙara, gobe ya ƙara akan na jiya, musamman in turare ɗaya yake amfani da shi shekara da shekaru. Kai da ka shigo daga waje da hancinka a buɗe kai ne zai buga. Shi yasa idan ka tunkare shi a matsayin wanda ya san yana takura mutane amma bai damu ba, ka zalunce shi, kuma zai ji zaluncin a muryarka ko da kalmomin masu daɗi ne.

Ga kuma yanayi. A watan Afrilu da Mayu zafi yana kaiwa digiri 40 a yankinmu, zafi kuma tayar da turare yake, abinda zai zauna lafiya a jiki da sanyin asuba da rana ta take sai ya cika ɗaki. Da hunturu kuma matsalar ta juya, ana rufe taga da ƙofa saboda sanyi da ƙura, iska bata zagayawa, ga hanci da maƙogwaro sun riga sun bushe.

Turare fa sunna ne. Ba laifi bane in ce wa mutum ya daina?

Ai ba cewa zaka yi ya daina ba. Duk wanda ya je da maganar a daina sa turare ya riga ya faɗi, don mu mutane ne masu son ƙamshi, ranar Juma'a ana sawa, ranar salla ana sawa, kyautar turare ma ba a mayar da ita. Abinda kake nema ragi ne, ko canza wurin da ake fesawa. Addinin da ya so ƙamshi shi ne kuma ya hana cutar da na kusa da kai, to babu karo tsakaninsu. Amma dan Allah kar ka mayar da saƙonka wa'azi. Da zarar ka fara jawo hujjoji, ya koma muhawara, kowa zai nemo nasa malamin, kai kuma kanka na ci gaba da ciwo.

Me ya kamata in lura da shi kafin in yi magana?

Nan ne mutane ke tsallakewa, kuma nan ne rabin aikin yake. Kalmar "turarenka ya yi ƙarfi" bata gaya wa mutum abinda zai yi. Ka zauna ka gane daga ina ƙamshin yake fitowa, don iri uku ne kuma kowanne da abinda za a roƙa.

Akwai na fesawa, wanda ake fesa shi a cikin ofishin. Wannan alamarsa a fili take, ɗaki lafiya lau, sai mutum ya shigo ya buɗe jaka ko aljihun babur ya ɗauko kwalba ya yi fis fis fis, nan take wani ya fara atishawa, bayan kamar rabin awa ko awa ya lafa. Rabin abinda aka fesa ma ba jikinsa ya hau ba, iska ya bi. Wannan shine mafi sauƙin gyara, don roƙon kawai shine a fesa a gida ko a waje kafin a shigo.

Akwai na mai, irin su udu da almiski da waɗanda ake aunawa a 'yan ƙananan kwalabe a kasuwa. Shi baya tashi lokaci guda, zama yake, ya kama riga da hula ya wuni, har kujerar da mutum ya tashi da takardar da ya miƙo maka suna ƙamshi. In an shafa shi a shadda ko a hula, ita hula kuma ba kullum ake wanke ta ba, sai na yau ya hau kan na jiya. Roƙon a nan shine a rage yawan, ɗigo ɗaya ko biyu a fata maimakon a mulke tufafi.

Sai na uku, wanda ya fi yawa a wajen mata, humra da turaren wuta. An turara kaya a kan kasko ko an rufe su da hayaƙin sun kwana, hijabi da mayafi sun sha, an kuma bi da humra. Wannan in kika ce mata ta rage gobe, ko ta yarda ba zai yiwu nan take ba, don ƙamshin yana cikin zaren kayan da ke akwatinta gaba ɗaya. Sai an yi wanki, sai ta ware hijabi ɗaya ko biyu na zuwa aiki da ba za a turara ba. Kinga in baki san wannan ba zaki ɗauka ta yi watsi da maganarki ne, alhali kayan ne basu saki ba tukuna.

Ka kuma lura da jikinka, me yake maka takamaimai? Ciwon kai ne, atishawa ce, tashin zuciya, ko ƙirji ne ke riƙewa? Kuma ka tabbata turaren ne, ba ƙurar alli ba, ba maganin sauro da aka fesa da daddare ba, ba hayaƙin janareta da ke bayan taga ba. Hanya mai sauƙi ita ce ka duba ranar da bai zo aiki ba, in ka wuni garau to ka samu amsa.

Da baki ya fi ko a rubuce?

Ni a ganina baki ya fi, in dai kuna da sabo. A wajenmu mutumin da kuke zaune ɗaki ɗaya ya rubuto maka saƙo akan abinda ya shafi jikinka, abin yana zuwa da nauyi, sai ka ji kamar an kai ka ƙara. Rubutu ba shi da fuska, ba shi da murmushi, kuma yana zama a waya, mutum ya karanta da rana ya sake karantawa da daddare yana ƙara masa ma'anar da baka nufa ba, ko ya nuna wa wani a majalisa ya ce duba abinda wane ya turo min.

Amma akwai wanda kunya ba zata bar shi ya faɗa ido da ido ba, kuma akwai ofishin da ba a taɓa samun mutum shi kaɗai. To sai a yi saƙon murya a WhatsApp, gajere, kar ya wuce minti ɗaya, don a murya zai ji cewa ba faɗa kake ba. Rubutu shine na ƙarshe. Ko wanne ka zaɓa, shi kaɗai, ba guruf ɗin ma'aikata ba, ba kuma ka sa a sitatus kana cewa "wasu mutane" ba, ofis mai mutum biyar kowa ya san waye wasu mutane.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kar ka yi maganar a daidai lokacin da ya gama fesawa kai kuma kana tari ranka a ɓace. Kar ka yi ranar Juma'a da safe ya ci ado. Ka bari sai bayan an tashi, kuna tafiya wajen babura, ko da yamma bayan la'asar in waya ce.

To ba ni misali, me zan ce takamaimai?

Mu ɗauka makarantar sakandare ce a wani ƙauye, ɗakin malamai mai tebur huɗu. Wani malami yana zuwa daga cikin gari a babur kullum, hanyar burji, kafin ya iso ya sha ƙura da gumi, to da ya shigo sai ya kakkaɓe riga ya fesa turare sosai, wuya, hammata, gaban riga, hula. Kai kuma teburinka na jikin nasa, can ciki nesa da taga, kafin a shiga darasi na biyu kanka ya fara sarawa. Kun yi shekaru tare, yana rage maka hanya wani lokaci.

Da farko ka gane dalilinsa. Mutumin nan ba gayu yake ba, tsoro yake kar a ji warin gumi a jikinsa, wato ku yake girmamawa. Saboda haka duk maganar da zata sa ya ji kamar kana cewa yana wari, ta taɓa daidai inda yake tsoro. Sai ka kauce mata gaba ɗaya. Ga yadda zai iya zama:

"Assalamu alaikum Malam, ya gida ya yara, an koma lafiya? Dan Allah wata 'yar alfarma nake nema, kuma don na san kai ne shi yasa na iya faɗa. Ni kwanan nan in aka fesa turare a cikin ɗaki sai kaina ya kama ciwo har in kasa duba takardun yara, kaga ofishin namu ba iska, ni kuma ina can lungu. Da zaka taimaka min ka dinga fesawa a waje kafin ka shigo, wallahi da ka gama min komai. Ka yi haƙuri da ni. Na gode, a gaida gida."

Duba abinda ke ciki. An yi gaisuwa cikakkiya, don saƙon da ya fara kai tsaye da buƙata a wajenmu rashin ladabi ne. An ɗora abin a kan kanka da kuma ɗakin, wanda gaskiya ne, ba a kan jikinsa ko zaɓinsa ba. An roƙi abu ɗaya ƙarami wanda zai iya yi gobe da safe ba tare da ya sayi komai ko ya jefar da komai ba. Kuma an tsaya. Ba a ce "tun bara nake haƙuri" ba, don wannan zai sa ya zauna yana lissafin watannin da kake masa dariya alhali kana ƙunshe da abu. Ba a ce "kowa ma yana kuka da shi" ba, wannan ita ce jimlar da ta fi kashe zumunci, don da ya ji ta zai shigo gobe yana kallon fuskokin mutane uku yana tunanin zaman gulmarsa aka yi.

Washegari in ka ga ya tsaya a bakin baranda ya fesa kafin ya shigo, kar ka yi shela, kar ka ce a gaban mutane yauwa Malam yau ka kyauta. In kun keɓe ka ce masa na gode fa, yau kaina lafiya lau, shikenan ka ci gaba da hirar da kuka saba, ta ƙwallo ce ko ta farashin taki. Wannan komawa hirar yau da kullum ita ke nuna masa cewa ba abinda ya canza tsakaninku.

In fara da yabon turaren ne don ya ji daɗi?

A taƙaice, kuma in da gaske ne. "Turaren yana da daɗi, ɗakin ne ya yi masa kaɗan" ya isa. Amma in ka zuba yabo, kai wannan turare ina ka samo shi, nawa ka saya, sai mutum ya fahimci akasin abinda kake nufi, gobe ya ƙara, jibi ma ya kawo maka kwalba kyauta. Kuma kar ka saya masa wani turaren mai sanyi ka ba shi ba tare da magana ba kana fatan zai gane, zai karɓa da godiya ya haɗa da nasa ya sa duka biyun.

Ni namiji ne, ita kuma mace ce, matar aure. Ya zan yi?

Nan kam a taka a hankali sosai. Namiji ya tura wa matar wani saƙo a waya yana maganar ƙamshin jikinta, ko da ƙorafi ne, in mijinta ya gani ko wata ta gani ba wanda zai tsaya karanta niyyarka. A ƙauye irin wannan maganar kafin magariba ta zaga gari, kuma ita zata fi cutuwa. Shawarata kar ka rubuta mata, kar ka kira ta. Ka nemi babbar mace a wurin, irin Hajiyar da kowa ke jin nauyinta ko wata Anti da suke shiri, ka gaya mata a keɓe cewa ƙamshi mai ƙarfi yana tayar maka da ciwon kai, ta taimaka ta yi mata magana ta mata. Mace ɗaya zaka gaya wa, mai riƙe sirri, ba wadda kuka san bakinta baya shiru ba.

Kuma kar a biyo mata ta hanyar cewa bai halatta mace ta fita da turare ba. Ko me kake gani akan hukuncin, ba shi ya kawo ka ba, kuma in ta ji haka zata ɗauka ana zargin tarbiyyarta ne, daga nan ba maganar ciwon kanka ake ba kuma.

In babu wata mace a ofishin sai ita, to ka nemi canza wurin zama ka koma bakin taga ko ƙofa, in ta tambaya ka faɗa a fili cikin girmamawa, ba a ɓoye ba, "Malama ni ƙamshi ne baya min, ko wane iri, shi yasa na matso iska."

Mu biyu mata ne, kuma ƙawata ce, amarya ce ma. Ba zata ce hassada nake ba?

Zata iya, in kika zo da maganar a gaban mutane ko kika yi ta yatsina fuska kwana da kwanaki kafin ki faɗa. Ki tuna humrar nan da turaren wutar watakila cikin kayan aurenta suke, uwarta ko gwaggonta ta kashe kuɗi aka haɗo mata, wasu har daga Maiduguri ake aiko musu, to abu ne mai daraja a wajenta. Kar ki taɓa darajar. Ki ce mata kamar haka: "Ƙawata, wannan haɗin naki na gida ne, a bar wa ango kayansa. Ni dai ki taimake ni, ɗakin nan da zafi in ƙamshi ya yi yawa zuciyata tashi take. Ki ware hijabi ɗaya na aiki wanda ba a turara ba mana." Tsakanin ƙawaye wannan da dariya ake yinsa ya wuce. In ta girme ki, ki sa Yaya ko Anti a gaba, ki cire wasan angon, ki ƙara ban haƙuri.

Sai ki bata lokaci, sati ɗaya ko biyu, saboda abinda na faɗa a baya na kayan da suka riga suka sha hayaƙi.

Ina da ƙaramin ciki, ƙamshin yana sa ni amai, amma bana so a sani tukuna.

Ba dole sai kin faɗi dalili ba. Laulayi yana sa hanci ya yi kaifi, abinda da kike so ma sai ki ji ba kya iya zama kusa da shi, kuma da yawa yana sauƙi bayan watannin farko. Ki ce "kwanan nan bana jin daɗin jikina, ƙamshi yana tayar min da zuciya", gaskiya kika faɗa kuma baki tona kanki ba. Mace 'yar uwarki zata gane ta yi shiru.

In ce ina da asma mana, ai zai fi saurin yarda?

In baka da ita kar ka ce kana da ita. Garin ƙarami ne, gobe zai gan ka zaune a ɗaurin aure kusa da kaskon turaren wuta kana hira lafiya lau, ko ya haɗu da yayanka ya yi masa jajen ciwon da ba a san da shi ba a gidanku. Daga ranar ya daina yarda da maganarka. Ciwon kai ko atishawa ma dalili ne isasshe.

Amma in da gaske kana da asma, to maganar ta wuce ta jin daɗi, don ƙamshi mai ƙarfi da hayaƙi suna cikin abubuwan da ke tayar da ita. Alamun su ne tari, ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fita da ƙara kamar fito. Ka faɗa masa kai tsaye ba kwana-kwana, ka nuna masa inhelarka in ya kama, kuma ka dinga ajiye ta a jikinka ba a gida ba. In asmar ta tashi ka fita iska ka yi amfani da inhelar, in ka shaƙa bai lafa ba ko ka kasa haɗa magana saboda numfashi, asibiti za a nufa nan take, ba jiran a tashi daga aiki ba. Yana da kyau mutum ɗaya a ofishin ya san wannan tun kafin ranar.

Ogana ne fa, hedimasta ko shugaban sashe. Ko in yi shiru kawai?

In ƙamshin ɗan damu ne kawai kuma ba ɗaki ɗaya kuke wuni ba, haƙuri ya fi. In yana sa ka ciwo, ka je masa ba da maganar turarensa ba, da roƙon wurin zama: "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma a matsar min da tebur kusa da taga, ƙamshi a rufaffen ɗaki yana sa ni ciwon kai." Babba mai hankali zai gane, kuma ka bar masa hanyar da zai rage da kansa ba tare da ƙaramin ma'aikaci ya gyara masa ba. Kar ka tura wa oga wannan a rubuce.

In kuma kai ne babba shi ne ƙarami, ka san maganarka tana da nauyin da baka zata ba, abinda kai kake gani shawara shi umarni zai ji. Kar ka kira shi ofis ka rufe ƙofa kamar zaka ba shi takardar tuhuma, a tsaye a waje, jimla biyu, ka wuce zuwa wata magana.

Na faɗa, ya ce ba komai, amma tun daga nan ya ɗauke min wuta. Na ɓata ne?

Ba lallai ba. Yawanci kunya ce ba fushi ba, mutum yana tunanin ashe duk kwanakin nan ina takura mutane ban sani ba. Yadda zaka bambance: mai jin kunya zai rage turaren, ya amsa gaisuwa, sai dai hirar ta yi gajarta na 'yan kwanaki. Mai fushi zai daina amsa sallama da kyau, ko ya fara sakin magana a gaban mutane irin su "bari in matsa kar in kashe wani", ko ma ya ƙara yawan turaren.

Na farkon ka ƙyale shi, kar ka dinga komawa kana ba da haƙuri, kowane ban haƙuri tuna masa kake. Ka riga shi gaisuwa, ka tambayi jikin mahaifiyarsa, in akwai suna ko rasuwa a gidansu ka je kamar yadda ka saba, in kun saba cin ƙosai tare lokacin tara to ka miƙa masa. Na biyun kuma ka same shi sau ɗaya shi kaɗai ka ce "Malam naga kamar maganar nan ta sosa maka rai, wallahi ba raini bane, don na ɗauke ka ɗan uwa ne ban kai ta wajen kowa ba." Kar ka janye roƙon, kar ka ce a bar maganar ka ci gaba da sawa, don in ka janye ka tabbatar masa cewa dama ba ciwon kake ba.

Wani abu kuma da ya kamata a kiyaye a wajenmu, akwai masu sa wani turare saboda an ba su shi a matsayin taimako ko tsari. Ko ka yi zargin haka, ko da wasa kar ka ce wannan na wane malami ne. Wannan wasan baya gyaruwa.

Ya rage na sati biyu, yanzu ya koma kamar da. In kai ƙara?

Tukuna. Komawar ba taurin kai bace galibi, hancin ne ya sake yaudararsa, ya ga kamar bai sa komai ba. Tuni ɗaya cikin sauƙi ya wadatar, "Malam kan nan nawa ya fara kuma fa, a taimaka." Wasu ma sukan yi yarjejeniya, in ya yi yawa ka buɗe taga ka kalle shi, ya gane ba sai an yi magana ba, amma wannan sai in kun riga kun yi maganar da baki kun amince, in ba haka ba habaici ne.

In ka tuna masa sau biyu ba canji kuma lafiyarka na taɓuwa, sannan ka je wajen shugaba, kuma ka fara gaya wa shi abokin naka cewa zaka nemi a canza maka wuri, kar ya ji a bakin wani. A wajen shugaban ma wurin zama zaka roƙa, ko a sa doka ta kowa da kowa cewa ba a fesa turare ko kunna turaren wuta a cikin ofis, ba tare da an kama suna ba. Sai dai ka sani a ofis mai mutum huɗu ko biyar, doka irin wannan in ta fito kwatsam kowa ya san da wa ake, shi yasa ake fara yin maganar ku biyu tukuna.

Ni aka turo wa irin wannan saƙon. Ya zan san daidai adadin da zan sa?

Ka amsa da gajeren abu, "ba komai wallahi, na gode da ka gaya min, zan kiyaye", ko da ka ji ɗan zafi a ranka. Sannan kar ka dogara da hancinka. Ka sa a gida kafin ka fito, na fesawa sau ɗaya ko biyu, na mai ɗigo a wuyan hannu ko bayan kunne, ba a hula da gaban riga ba. Ka tambayi wani a gida wanda bai shiga ɗakin da ka sa ba, ya tsaya kamar taku biyu daga gare ka, in yana jinsa sosai daga nan to ya yi wa ofis yawa. In gumin hanya ne damuwarka, ka ajiye ɗan tawul da singileti na canji a jaka, ka wanke fuska da wuya da ruwan buta in ka iso, sai ka bar kwalbar a gida ko a aljihun babur saboda in an tashi.